Umarnin Ɗaukar Fitowa ta 14: Daren Ruwa a Garwa

Malam mai kyamara, ga abin da nake so a fitowar nan. Karanta da kai da mai ɗaukar sauti kafin mu fita, don ba na son mu tsaya muna musu a cikin ruwa.

Wurin shi ne wani lungu a unguwar Yelwa da ke birnin Garwa na ƙasar Kamaru, inda kwalta ta ƙare, jar ƙasa ta ɗauka. Watan Agusta ne, tsakiyar damina, bayan sallar isha da kamar awa biyu. An ɗauke wuta tun magariba. Tsawon fitowar minti uku ne, kuma a cikinsu ba a kashe kowa, ba a bi kowa da gudu. Asabe ce kawai a tsaye a ƙarƙashin rumfar wani shago da aka kulle, da ƙunshin leda baƙa a hammatarta, tana jiran wanda ya ce zai zo ƙarfe tara. Mai kallo bai san abin da ke cikin ledar ba, kuma a wannan fitowar ba zai sani ba.

Fara da sama, kafin ɗigo ɗaya ya sauka. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ya yi ƙasa-ƙasa har kamar zai taɓa kan bishiyoyin darbejiya da ke bakin titi. Kada ka ba ni baƙin da babu komai a cikinsa. Ina son a ga cikin gajimaren, yadda yake naɗewa yana hawa kan juna, kuma walƙiya ce kaɗai za ta nuna shi, daga nesa, ta wajen kogin Binuwai, ba tare da ƙara ba tukuna. Sai iskar hadari ta taso, ta kwashi ƙura da ledoji da busasshen ganye ta bi lungun da su. Wani kwanon rufi da ƙusarsa ta cire yana ɗagawa yana komawa. Mai shayi na kan kwana yana tattara kofunansa da sauri, ya kife benci a kan tebur, ya hure fitilarsa. Da tafiyarsa hasken lungun ya ragu da rabi, kuma a nan ne ya kamata mai kallo ya fara jin cewa an bar matar nan ita kaɗai.

Mai sauti, wannan naka ne, kuma shi ne ƙashin bayan fitowar. Ƙara tana tafiyar kimanin kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa uku. Walƙiyar farko, a bar daƙiƙa tara kafin a ji cida, can ƙasa-ƙasa kamar ana mirgina ganga. Ta biyu, daƙiƙa shida. Ta uku, daƙiƙa uku. Ba wanda zai zauna yana ƙirgawa, amma jikinsa zai gaya masa abin yana matsowa. Ba kiɗa ko kaɗan. Na san za ka ce a sa ɗan goge a ƙasa, to a'a. Kukan kwaɗi daga kwata ya ishe mu, kuma ina son su yi tsit gaba ɗaya daƙiƙa biyu kafin ruwan ya sauko.

Ruwan ya fara da manyan ɗigo, ɗai-ɗai, ana jin kowanne a kan kwano. Kawo kyamara ƙasa, dab da ƙafarta: ɗigo ya faɗa cikin ƙura ya tona ɗan rami, wani ya faɗa kan silifas ɗinta. Sannan ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Ka tuna ruwa ba ya fitowa a hoto idan ka haska shi daga gaba. Fitila ta kasance a bayansa ko a gefe, sai zaren ruwan ya fito fari a kan duhu. Haske uku kawai na yarda da su: ƙwan lantarki ɗaya mai ruwan ɗorawa a ƙofar wani kantin magani mai janareto can ƙarshen lungu, hasken wayar Asabe idan ta duba lokaci, da walƙiya. Fuskarta rabi a duhu. Idan ka ga ta yi kyau da yawa, rage hasken.

Titin nan shi ne rabin labarin, don haka daɗe a kansa. Kwaltar ta jiƙe tana sheƙi, hasken kantin magani ya miƙe a kanta dogo, yana karyewa duk inda ɗigo ya faɗa. Kwata ta cika ta tumbatsa, jan ruwa yana gangarowa daga ɓangaren ƙasa yana cin bakin kwaltar, ɗauke da robar ruwa da takalmin yaro ƙafa ɗaya. Bi takalmin nan da kyamara har ya maƙale a jikin dutse. Indararon shagon yana zuba a gabanta kamar labule, ta cikinsa take leƙen hanya. Duk wanda ya zauna a Garwa ya ga ambaliyar 2012 ya san abin da ake ji idan ruwa ya fara hawa dakali cikin dare, kuma ina son wannan tsoron ya shiga ƙarƙashin tsoron jiran da take yi. Saboda haka nuna dakalin sau biyu: da farko ruwa yana ƙasa da shi da tafin hannu, daga baya ya shafe shi, ta ja da baya har bayanta ya taɓa ƙofar ƙarfe.

A minti na biyu da rabi babur ya shigo. Kada mu ga babur ɗin da farko. A cikin kududdufin da ke gabanta za mu fara ganin fitilarsa, tana rawa a kan ruwa, tana girma. Ɗan kilando ne, wato ɗan acaɓa, ko wani ne, ba a sani ba, don ya lulluɓe kansa da buhun leda kamar yadda suke yi. Yana tafe a hankali, ruwa ya kai rabin taya. Ya wuce ta. Ta sauke numfashi, kafaɗarta ta sauka. Sai jar fitilar birki ta kama a kan jiƙaƙƙen titi, kamar taku goma a gabanta.

Ya kashe injin. Bai sauka ba, bai juyo ba.

Riƙe wannan hoton daƙiƙa takwas cif, kyamara a kafe, daga bayan kafaɗar Asabe, ledar tana ƙara matsewa a hammatarta. Za ka ji kamar ya yi tsawo, hannunka zai so ya matsa kusa. Bar shi. Ruwa kawai ake ji a kan kwano, da ƙarar janareton can nesa. A daƙiƙa ta shida janareton ya yi tari ya mutu, ƙwan kantin magani ya tafi da shi.

Walƙiya ta huɗu da tsawarta su zo tare, ba tazara. A cikin wannan farin haske na ƙiftawar ido za mu ga babur ɗin a jingine, ba kowa a kansa. Yanke a nan, zuwa baƙi, amma a bar ƙarar ruwan ta ci gaba daƙiƙa uku.