Takardar Roƙon Dawo da Kuɗin da Na Tura Asusun Wani Bisa Kuskure

Unguwar Tudun Wada,
Zariya, Jihar Kaduna.
Litinin, 10 ga Maris, 2025.

Zuwa ga Manajan Banki,
Reshen Sabon Gari, Zariya.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ana shan ruwa lafiya, na rubuto ne in roƙi bankinku ya taimaka mini wajen dawo da naira 485,000 da na tura wani asusu bisa kuskure ranar Juma'ar da ta wuce, 7 ga Maris, da ƙarfe 11:42 na safe. Sunana Habibu Lawal, tela ne ni, kuma shekara tara ke nan ina ajiya a wannan reshe. Asusuna na ajiya shi ne wanda ya ƙare da 2071. Cikakkiyar lambarsa da ta BVN ɗina suna jikin fom ɗin ƙorafin da na cike na haɗa da wannan takarda.

Tun farko ina so in faɗa a fili cewa kuskuren nawa ne. Manhajarku ba ta yi mini komai ba, ba kuma wanda ya yaudare ni. Akwai wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano, mai suna Alhaji Sani, wanda nake sayen shadda da yadi a wurinsa duk shekara in azumi ya kama. A da ta asusun bankinsa nake biyansa. Wannan karon sai ya ce in tura masa ta wani sabon asusu, irin na kamfanonin nan da lambar wayar mutum ita ce lambar asusunsa in an cire sifilin farko. Ya karanto mini lambar ta waya, ni kuma ina kan keke, shago cike da masu kawo ɗinkin Sallah. Lambarsa ta ƙare da 638, ni kuwa na danna 683. Da sunan mai asusun ya fito na ga ya fara da Sani, ban tsaya karanta sauran ba, na sa lambar sirri na tura. Sai bayan an sauko daga masallacin Juma'a Alhaji ya kira ni ya ce bai ga komai ba. Na buɗe rasit, na ga sunan mahaifin ba nasa ba ne. Nan take gabana ya faɗi.

Cikakken sunan wanda kuɗin ya shiga wurinsa, da lambar asusunsa, da sunan kamfanin da yake ajiya, duk suna kan rasit ɗin da na buga na haɗa. Haka ma lambar shaidar turawar, wadda aka rubuta Session ID, mai lambobi 30, ta ƙare da 904517. An gaya mini da ita ake bin sawun duk kuɗin da ya bi ta NIBSS daga wannan banki zuwa wancan.

A ranar na kira layinku na masu hulɗa wajen ƙarfe uku na yamma. Wadda ta ɗauka ta saurare ni da kyau, ta rubuta ƙorafin, ta ce in zo reshe da takarda a rubuce. Kafin in rufe shago in iso an tashi, ga Asabar da Lahadi sun shiga tsakani, shi ya sa sai yau.

Ban zauna haka nan ba a kwana biyun. Tun da lambar asusun lambar waya ce, na ƙara mata sifili na kira. Ranar Juma'a ba a ɗauka ba. Ranar Asabar da hantsi wani bawan Allah ya ɗauka, daga muryarsa dattijo ne. Ya ce lalle ya ga kuɗi sun shigo masa, bai san daga ina ba, kuma bai taɓa ko kwabo ba. Amma ya ce ba zai tura wa kowa komai ba don kawai an kira shi a waya, domin ya sha jin yadda 'yan damfara suke cewa sun turo kuɗi bisa kuskure su cuci mutane. Ya ce in maganar gaskiya ce, waɗanda yake ajiya wurinsu su neme shi da kansu. Wallahi ban ga laifinsa ba, ko ni ne abin da zan yi ke nan. Ban sake damunsa da kira ba, don kada ya tsorata ya kashe wayar gaba ɗaya.

Saboda haka, ranka ya daɗe, abin da nake roƙo shi ne bankinku ya rubuta wa kamfanin da kuɗin ya shiga yau ɗin nan in da hali, a sanar da su cewa turawar kuskure ce, a nemi su riƙe naira 485,000 ɗin a asusun kafin a gama bincike. Iya kuɗina nake nufi. Ba na so a rufe wa mutumin nan asusunsa duka cikin azumi saboda gangancin da ni na yi. Bayan haka su tuntuɓe shi su karɓi yardarsa, a mayar da kuɗin cikin asusuna da suka fito.

Na san banki ba ya cire kuɗi daga asusun mutum sai da amincewarsa ko da umarnin kotu, kuma na san ba za ku iya yi mini alkawarin ranar da za su dawo ba. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne maganar da muka yi da shi. Idan kuma ya sauya ra'ayi, ina roƙon a sanar da ni da wuri a rubuce, tare da takardun da kotu za ta nema, don in je in nemi umarnin. A shirye nake in sa hannu a takardar ɗaukar alhaki, cewa in wata rigima ta taso daga baya a kan wannan kuɗi ni zan amsa, ba banki ba. In ana bukatar takardar rantsuwa daga kotu ko rahoton 'yan sanda, a faɗa mini in kawo gobe. In akwai cajin da ake cirewa a irin wannan aiki, na yarda a cire.

Dalilin da ya sa nake ta nanata gaggawa shi ne, kuɗin nan ba nawa ne ni kaɗai ba. Naira 310,000 daga ciki kafin alƙalami ne da mutane goma sha ɗaya suka ba ni in sayo musu yadi in ɗinka musu da 'ya'yansu kayan Sallah. Amana ce a hannuna. Yau azumi goma, saura kamar kwana ashirin Sallah, kuma duk wanda ya san sana'armu ya san ɗinkin da ba a yanka ba kafin goman ƙarshe da wuya ya fita. Alhaji Sani ya yi mini kara ya ajiye kayan har zuwa ranar Asabar, 15 ga wata. Bayan nan ba zan iya hana shi sayar wa wani ba, shi ma kasuwa yake yi. Yara uku da ke aiki a shagona su ma da wannan ɗinkin suke sa ran yin tasu Sallar.

Na haɗa da kwafin katina na ɗan ƙasa, da rasit ɗin turawar, da hoton saƙon da Alhaji Sani ya turo mini daga baya mai ɗauke da lambarsa ta gaskiya, don a ga inda lambobin biyu suka saɓa. Ina roƙon a buga hatimin karɓa a kwafin wannan takarda a ba ni, tare da lambar ƙorafina, don in riƙa bibiya da ita. Layin da ake turo mini saƙon shigar kuɗi shi ne layina, yana kunne dare da rana, kuma duk lokacin da aka neme ni zan ajiye almakashi in zo.

Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri.

Naka mai biyayya,
Habibu Lawal