Wasiƙa Kan Yawan Magidantan da Za Mu Auna

Dutse, Jihar Jigawa
14 ga Maris

Zuwa ga Shugaban Gidauniya,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarka ta iso ranar Litinin. Na fahimci abin da ya dame ka: magidanta 6,000 za su karɓi irin shinkafa da taki a wannan damina, mu kuma 450 kawai za mu auna a cikinsu, sai wasu 450 daga ƙauyukan kwatance, waɗanda ba za su karɓi kayan bana ba. Ka nemi a ninka adadin. Ina roƙon a bar shi yadda yake, ga kuma dalilina.

Mai sayen shinkafa a kasuwar Hadejia ba ya zazzage buhu ɗari kafin ya yi ciniki. Ƙarfe yake sokawa ya zaro 'yan ƙwayoyi ya murza a tafin hannu. Kuma ba ya tsayawa kan buhu guda yana ta soka, domin abin da ke cikin buhu ɗaya duk kusan iri ɗaya ne, sai ya bi buhuna da yawa. Ƙauye ma haka yake. Manoman ƙauye ɗaya fadamarsu ɗaya, ruwan da ya sauka wa wannan shi ya sauka wa wancan, dillalin takinsu ma sau da yawa ɗaya ne. Idan ka tambayi mutum 15, na 16 ba zai gaya maka sabon abu mai yawa ba.

Shi ya sa muka ba yawan ƙauyuka muhimmanci. Muna da 60 a ƙananan hukumomin Auyo, Kafin Hausa da Miga, an raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a a gaban dagatai: 30 su karɓi kaya bana, 30 baɗi. Magidantan ma daga jerin sunaye aka zaro su. Da masu unguwanni muka bar wa zaɓi, da manoman da suka fi kowa ƙwazo za su kawo mana, ba da mugun nufi ba, kowa dai yana son a ga garinsa da kyau.

Lissafin da muka bi shi ne `1 + (m − 1) × ICC`. Harafin `m` yawan magidanta ne a ƙauye guda, `ICC` kuma ma'aunin kamannin da ke tsakanin mutanen ƙauye ɗaya, wanda ƙidayarmu ta farko ta nuna 0.1 ne. Da magidanta 15, amsar 2.4 ce, da ita ake raba yawan mutanen, wato mutum 900 ɗin nan nauyinsu daidai yake da na mutum 375 da ba su haɗa ƙauye ba. In aka ninka zuwa 1,800 a ƙauyukan nan dai, nauyin 462 ne kacal. A buhu, ga abin da hakan ke nufi: yanzu, in ƙarin girbin ya kai buhu 2 a hekta, muna da damar kashi 80 cikin ɗari ta gano shi. In an ninka, sai ya sauko zuwa buhu 1.8. Ƙarin da shirin ya yi alkawari buhu 4 ne. Ban ga hujjar ninka ranakun masu ƙidaya da kuɗin man babura a kan abin da bai kai rubu'in buhu ba.

Mun kuma yi tanadin waɗanda za su ɓace mana. Da an gama girbi matasa sun tafi ci-rani, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a bakin kogin Hadejia ya san gidaje da dama na iya tashi cikin dare ɗaya. Saboda haka 17 muka rubuta a kowane ƙauye, don a tsira da 15.

Akwai inda kake da gaskiya. Wannan adadi ba zai iya raba sakamako ƙaramar hukuma da ƙaramar hukuma ba, haka ma gidajen da mata ke riƙe da su sun yi kaɗan a fitar masu da alƙaluma na kansu. Zan rubuta hakan ƙarara a rahoto, kuma za mu zauna da matan mu ji daga bakinsu.

In gidauniya na da sauran kuɗin awo, a ƙaro mana ƙauyuka 20. Magidanta 300 ke nan, amma nauyin zai kai 500, ya zarce na ninkin da ka nema. Sai dai dole a yi ƙuri'arsu kafin a fara rabon iri, don haka ina fatan jin amsarka kafin ƙarshen Afrilu.

Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri.

Naka,
Manajan Shirin Noman Shinkafa