Ruwan gishiri da sukari: takarda ga iyayen yara na Mai Wurno da ƙauyukan bakin kogi

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana mata. Damina ta kankama, ruwan kogi ya yi jawur, yaran da ake kawo mana da zawo sun ƙaru. Wadda ta iya karatu ta karanta wa maƙwabciyarta wannan takarda, a kuma karanta wa maigida, domin wani dare shi ne zai tashi ya haɗa.

Abin da ke kashe yaro a zawo shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa. Da zarar yaro ya yi kashi ruwa-ruwa sau uku a yini, a fara mayar masa da abin da ya fita, kada a jira gari ya waye. Kada kuma a ce ai haƙori yake fitarwa. Ko da haƙorin ne, ruwan da ya zube ya zube.

Mafi kyau shi ne ƙunshin ORS da ake bayarwa a asibiti ko a saya a kantin magani, saboda ban da gishiri da sukari akwai wasu sinadarai a ciki da jiki ke asara. Ki wanke hannu da sabulu, ki wanke mazubi da cokali. Ki duba jikin ƙunshin: yawanci na lita 1 ne, amma akwai ƙanana da ake haɗawa da ruwa kaɗan, don haka abin da aka rubuta shi za a bi. Ki juye garin duka cikin ruwan, ki motsa har ya narke. Kada ki raba ƙunshi biyu da ido don ki yi tattali, kuma kada ki ƙara masa sukari don yaro ya ji daɗi.

Maganar lita ce ke rikita mutane. Robar ruwan sha mai rabin lita, wadda aka rubuta 500 ml a jikinta, cikinta biyu shi ne lita 1. Ki auna sau ɗaya a jug ko kwanon da kike amfani da shi, ki karce inda ruwan ya tsaya, shi ke nan kin huta. Ruwan kuwa, in na kogi ne ko na jarka da mai jaki ya kawo, ki bar shi ya kwanta, ki tace da tsumma mai tsabta, ki tafasa shi ya yi ɓul-ɓul na minti ɗaya, sannan ki rufe ya huce. Ruwan randa yana da sanyi, amma sanyi ba tsabta ba ce, musamman randar da kowa ke tsoma moɗa a ciki.

In babu ƙunshi a gida kuma dare ya yi, ki haɗa da kanki. Lita 1 na ruwan da aka tafasa, sukari ƙaramin cokalin shayi 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. A shafe bakin cokalin da bayan wuƙa, kada ya yi tozo. Na san hannunmu a nan yana da nauyi wajen sukari, shayinmu shaida ne, amma a wannan haɗin sukari in ya yi yawa jan ruwa yake yi zuwa cikin hanji, zawon ya ƙaru. Gishiri in ya yi yawa ya fi haɗari, yana iya sa yaro jijjiga. Ki ɗanɗana kafin ki ba shi: kada gishirinsa ya wuce na hawaye. In ya wuce, ki zubar ki sake. Kada a ce a bar sukarin gaba ɗaya, domin shi ne ke taimaka wa hanji ya tsotsi gishirin, ruwa kuma ya bi bayansa zuwa cikin jiki.

Yanzu awon da za a ba shi. Bayan kowane zawo, yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100. Daga shekara 2 zuwa 10, mililita 100 zuwa 200. Wanda ya wuce haka ya sha iya son ransa. Kofunan shayinmu na gilashi ba girmansu ɗaya ba, shi ya sa nake cewa ki kawo naki asibiti mu auna miki da sirinji, ki san inda 100 take. In yaro ya nemi ƙari, a ƙara masa.

Yadda ake bayarwa ya kai awon muhimmanci. Ki zaunar da shi a cinyarki, kansa a sama, ki riƙa ba shi cokali ɗaya duk minti ɗaya ko biyu. Babba ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan daga kofi. Ban da ɗura, ban da toshe masa hanci, ban da bulumboti. In ya yi amai kada ki karaya, ba duka ya fito ba. Ki dakata minti 10, ki ci gaba a hankali, cokali ɗaya duk minti biyu ko uku. Aiki ne mai cin rai, a samu kaka ko kishiya ko yaya ta karɓe ki. In kika ga fatar idonsa ta kumbura, ki tsayar, ki ba shi nono ko ruwa zalla har kumburin ya sauka.

A rufe abin da aka haɗa, a ajiye a inuwa. Ya cika awa 24, a zubar a haɗa sabo.

Nono ba a tsayar da shi, a ƙara yawan bayarwa ma. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, a ci gaba da nono a kawo mana shi mu gani. Wanda ya fara cin abinci a ba shi kunu, shinkafa mai laushi, ayaba, nono mai tsami mai tsabta, kaɗan-kaɗan sau da yawa, kuma bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana har mako biyu. Lemon kwalba da zoɓon da aka cika wa sukari ba su maye gurbin wannan haɗin. Ki karɓi ƙwayar zinc: miligiram 20 a rana ga mai wata 6 zuwa sama, miligiram 10 ga wanda bai kai ba, kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya a kwana na uku. Tana rage tsawon ciwon, tana kuma kare shi daga dawowa nan kusa. Maganin tsayar da zawo na manya kada ya shiga bakin yaro, kafso kuma sai likita ya rubuta.

Akwai inda aikin gida yake ƙarewa. Ki ɗauko shi nan take in akwai jini a kashin, ko zazzaɓi, ko ya kasa sha da kama nono, ko yana amayar da komai. Haka in idanunsa sun faɗa, maɗigarsa ta lotsa, fitsari ya ɗauke, ko jikinsa ya saki yana ta barci ba ya farkawa sosai. Ki ɗan tsunkuli fatar cikinsa ki saki. In ta daɗe ba ta koma ba, ruwa ya yi ƙasa sosai. Yaron da dama yake da tamowa a kawo shi tun ranar farko. Kashin da ya fito fari kamar ruwan wankin shinkafa, mai yawa, alamar kwalara ce, tana iya ƙarar da mutum cikin 'yan awoyi, kada a tsaya neman shawara. Wanda ya kwana uku babu sauƙi shi ma a kawo shi.

In za ku taho, ki zuba haɗin a roba mai murfi, ki riƙe cokalinki, ki ci gaba da ba shi a hanya muddin yana iya haɗiya. Allah ya ba yaranmu lafiya.

Daga ma'aikaciyar jinya ta ɗakin yara