Wasiƙa Zuwa ga Malam Haruna da Malam Sani

Garun Malam, daren Talata

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ƙannena, Malam Haruna da Malam Sani, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun wuni lafiya, ku da iyalanku. Ya sanyi, ya kuma aikin lambu? Allah Ya sa mu ga amfaninsa.

Takarda biyu na sa jikana ya rubuta, magana ɗaya ce a cikinsu, ko wasali bai bambanta ba. Ita ce a hannun kowannenku yanzu. Na so in tako da ƙafata, sai na tuna ƙofa biyu ba ta shiguwa lokaci guda, kuma duk wadda na fara shiga, za a sami mai fassara ta a bakin kasuwa. Sunan Malam Haruna ma da ya zo a gaba, don ya girmi Malam Sani ne da watanni, ba don wani abu ba.

Yau kwana 40 ke nan, in lissafina bai ɓace ba, rabon da a ji sallama tsakaninku. Na yi shiru da farko, ina cewa zafin rai ne, zai huce kamar yadda ya saba hucewa. Shirun nawa ya yi tsawo, wannan kuwa laifina ne, na ɗauka.

Na zauna da kowannenku, na ji abin da ya faru a daren ban-ruwan nan. Ɗaya ya kwana da sanin cewa layinsa ne, ya kai tiyo bakin kanal tun kafin asuba. Ɗaya kuma ya wayi gari ya tarar da dashen tumatirinsa na kwana 4 ya kwanta, fangali bayan fangali, ƙasa ta tsattsage. Wanda ya san kuɗin iri da na taki a bana, ya san abin da mutum zai ji in ya tsaya a kan wannan. Wanda kuma aka taɓa kiransa da sunan da ba nasa ba a gaban 'ya'yan cikinsa, shi ma ya san ɗacinsa. Duka biyun ciwo ne, ban ga ƙarami a ciki ba. Da na koma littafin ƙungiya, sai na ga makon nan an sauya layin ruwa saboda gyaran da aka yi a babban kanal, sanarwar kuma da baki aka yi ta bayan sallar Isha'i, ranar da rabin mutane suka tafi ɗaurin aure. Don haka ban rubuto don in ce wane ne da gaskiya ba. Ba ni da wannan hukuncin a aljihuna, ba na kuma nemansa.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Ruwan da muke noma da shi daga dam ɗin Tiga yake tasowa, ya ratso ƙasar Bunkure da Kura da tamu, kafin ya iso 'yar magudanar da ta raba gonakinku. A nan ɗin, sai ya wuce ta gefen Malam Haruna, ya bi ta gefen Malam Sani, sannan ya kai ga mutum 9 da ke ƙasa da ku. Tunda kuka daina magana, ba a yashe wannan tsakanin ba, don kowa yana gudun kada ya sunkuya da shebur ya ɗago ya ga ɗan'uwansa. Shekaranjiya na bi ta wurin. Ciyawa ta rufe bakin, laka ta kai gwiwa, ruwan yana tafiya kamar mai jin kunya. Gonar marayun da ke can ƙarshe, albasarsu ta fara jan kunne. Su ba su san me aka ce ba, ba su san wa ya ce ba.

Ga injin da kuka haɗa kuɗi kuka saya, yana jingine a zauren gidana an rufe shi da buhu, kowa ya ce ba zai taɓa ba sai ɗayan ya zo ya ɗauki rabonsa. Ni dai ban san yadda ake raba inji biyu ba. Kaji ma sun fara kwana a kansa.

Sai abin da ya fi wannan nauyi. Ranar Juma'a na ga Malam Sani ya canza sahu, na ga Malam Haruna ya fita ta ƙofar arewa, wadda ban taɓa ganin ya bi ba. Yaranku da suke tafiya makarantar allo tare, yanzu kowa da hanyarsa, alhali ba wanda ya ce musu su rabu. Kallonku kawai suka yi. Ku kuka fi ni karatu, kun san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3, ya kuma ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Ba gori nake muku ba, ni ma an taɓa tuna min, na kuwa ji daɗin da aka tuna min.

Ina kuma riƙe da abin da ku wataƙila fushi ya rufe muku. Shekarar da tumatir ya faɗi warwas a Kwanar Gafan, har kwando bai biyan kuɗin motarsa, Malam Sani ne ya auno masara daga rumbunsa ya aika gidan Malam Haruna da daddare, don kada maƙwabta su gani. Da mahaifiyar Malam Sani ta kwanta jinya a Kano, Malam Haruna ne ya yi masa ban-ruwa har mako 3, bai karɓi ko kuɗin mai ba. Ni shaida ne a kan duka biyun. Mutanen nan biyu ba su mutu ba, suna nan, su nake rubuta wa.

To ga abin da na yanke, a matsayin da ku da kanku kuka ɗora ni. Ranar Alhamis bayan la'asar ina jiran ku a zaurena. Liman zai zo, ban da shi ba kowa. Kada a zo da ɗan rakiya, kada a aiko wakili, kada kuma a aiko da uzuri, don na riga na bincika, ba mai tafiya a cikinku ranar. Ba za a sa kowa ya durƙusa ba, ba za a ce wani ya maimaita abin da ya wuce ba sai in shi ya so. Maganar dashen da ya ƙone, ƙungiya za ta duba abin da za ta iya ɗauka daga asusu, tunda sanarwarmu ce ta gaza. Daga yanzu kuma layin ruwa a rubuce za a liƙa shi a ƙofar masallaci.

Daga yau zuwa ranar, roƙona ɗaya ne: kowa ya kama bakinsa a kan wannan magana, a majalisa ko a cikin gida. Masu kai ta nan su kawo ta can sun ci abinci da ita ya isa haka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Asabar da safe akwai gayyar yashe magudana. Na sa sunayenku a wuri ɗaya, daga bakin tsamiya zuwa kwalbati, don nan ne iyakarku, ba wanda ya san lungunta kamarku. In kafin Alhamis ɗin kuka haɗu a hanya, wani ya riga wani sallama, ba sai an gaya min wanda ya fara ba. Ku zo kawai ku ɗauke min injin nan, zauren ya yi min ƙunci.

Allah Ya sanyaya zukata, Ya ba mu rani mai albarka. A gaishe min da mutanen gida.

Wassalam.

Yayanku,
Malam Idi
Shugaban ƙungiyar manoman rani ta unguwarmu