Tsarin ɗaukar bidiyon masar Gwaggo, Asabar da sassafe

Auwal, ga yadda na tsara aikin. Ka karanta tun kafin La'asar ɗin Juma'a, domin idan tanda ta yi zafi Gwaggo ba za ta tsaya jiranmu ba, masu saye ma haka.

Bidiyon daƙiƙa 30 ne, a tsaye, 9:16, don ya zauna daidai a WhatsApp Status da TikTok. Abin da muke nema guda ɗaya ne: wanda ya gani da safe bai karya ba, yawunsa ya tsinke ya tambayi inda ake sayarwa. A Bauchi kowa ya san masa, kowa kuma yana da mai masar da ya saba da ita, saboda haka ba sai mun gaya wa mutane cewa tana da daɗi ba. Mu nuna musu, mu bar su su ji ƙararta. Babu waƙa, babu mai bayani.

Ranar Juma'a bayan La'asar za mu je gidanta a Jahun mu ɗauki shiri. Wannan ba zai ci lokaci ba: hannu yana tsamo jiƙaƙƙiyar shinkafar tuwo daga ruwa, sai ƙullun da aka dawo da shi daga injin markaɗe, sai lokacin da take zuba dafaffiyar shinkafa da yis tana juyawa. Kowanne ka ɗauki kamar daƙiƙa goma, ko da yake ɗaya ko biyu za mu yanka. Abin da na fi so shi ne buɗe roba da asuba, lokacin da ƙullun ya kwana ya tashi, samansa duk kumfa. Ka roƙe ta kada ta ɗaga murfin sai ka kunna waya, don ba a maimaita shi.

Asabar mu kasance a rumfa ƙarfe shida da kwata. Lokacin hunturu ne, kuma sanyin safiya zai taimake mu, domin tururi ya fi fitowa a iska mai sanyi. Amma ba ya fitowa a hoto sai haske ya bugo shi ta baya ko ta gefe, bayansa kuma akwai duhu. Don haka ka tsaya inda rana za ta ɓullo ta bayan tanda, ni kuma zan rataya baƙin zane a jikin katanga. Mu kashe ƙwan rumfar, haskensa yana sa abinci ya yi fari fat kamar bai soyu ba. Ka goge gilashin kyamara kafin kowane ɗauka, man da ke tartsatsi yana dusashe shi ba ka sani ba. Ka danna kan masar a allon waya ka riƙe har ka ga AE/AF Lock, in ba haka ba duk sanda hannun Gwaggo ya gifta hasken zai riƙa canzawa.

Yanzu jerin yadda zai fito.

Daƙiƙa biyun farko su ne komai, domin a nan yatsa ke yanke shawarar wucewa ko tsayawa. Kada mu fara da shinkafa ko da sallama. Mu fara da juyin masa: cokali ya shiga ƙarƙashinta, ta kifa, bayanta ya bayyana jawur yana ƙyallin mai, da ƙarar nan cuuu. Ka matso sosai har rami ɗaya na tanda ya kusa cika allo. Ka ɗauka a 60fps don mu ɗan rage gudunsa. Za mu ɗauki juyi da yawa mu zaɓi wadda gefenta ya yi ƙaras-ƙaras. Ta zagayen farko kada ka damu da ita, tanda ba ta gama ɗaukar zafi ba.

Daga daƙiƙa 2 zuwa 8 sai mu koma baya da sauri: shinkafa, markaɗe, buɗe roba. A wuce.

Daga 8 zuwa 19 nan ne za mu zauna. A ɗiga man gyaɗa a kowane rami, ludayi ya ɗebo ƙullu, ya tsiyaya a hankali, gefen ya fara kamawa, samanta ya fara hudowa ido-ido. Wannan ka ɗauke shi daga sama, tandar gaba ɗaya, don a ga hannunta yana bi rami bayan rami ba ta ko dubawa. Shekarun da ta yi tana wannan sana'a a hannun nan suke, kuma shi nake so baƙo ya gani. Ta ce ba ta son fuskarta ta fito, mu kiyaye mata wannan ko a gefen hoto. Hannu da lallensa sun wadatar. Sannan ka sauko ƙasa daidai bakin murhu ka kamo jan garwashi na daƙiƙa ɗaya.

Daga 19 zuwa 26, ci. A faranti farar tangaran, ba a leda ba. Zan tsaga masa ɗaya da hannu biyu a gaban kyamara, a hankali, tururi ya tashi, a ga cikinta fari tas da ramuka kamar saƙar zuma. Dole wadda aka kwashe yanzu ce, idan ta yi minti biyu a kwano tururin ya tafi. Sai a zuba miyar taushe mai kauri, a ga kabewa da alayyafo da tsokar nama, a dangwala, a ɗaga. A gefe a barbaɗa yajin ƙuli. Na so mu sa zuma, amma Gwaggo ba ta sayar da ita, don haka babu. Haka naman: yankan da take sa wa mai saye shi za mu sa, ba za mu tula ba. Wanda ya taso daga Yelwa saboda abin da ya gani, ya tarar da ƙasa da haka, ba zai dawo ba, kuma sunanta ne zai ɓaci.

Daƙiƙa huɗun ƙarshe rubutu ne a kan hoton kwano cike da masa:

Masar Gwaggo, Jahun
Kullum daga 6:30 zuwa 10:00 na safe
Guda biyar da miya, naira 700
Ana karɓar odar biki da suna

Ka sa rubutun a tsakiyar allo, domin TikTok yana rufe ƙasa da gefen dama da nasa maɓallan. Lambarta za ta shiga bayanin ƙasan bidiyo.

Maganar sauti, kada ka dogara da wanda ya shigo tare da hoto, titin akwai babura da Keke Napep. Zan ajiye wayata kusa da tanda in naɗi ƙarar suya ita kaɗai kafin gari ya waye sosai, mu ɗora a CapCut. Muryar mutum ɗaya kawai nake so, idan Allah ya kawo mai saye ya ce “Gwaggo, a ƙaro ta ɗari biyar”, mu nemi izininsa mu sa ta a daidai wajen tsaga masa. Ba za mu shirya wa kowa abin faɗa ba, kunne yana gane na shiri.

Ka zo da waya a cike da caji, da fawa bank, da tsumma mai tsabta na goge bakin faranti. Ni zan zo da zane da farantin. Mu gama ɗauka kafin bakwai da rabi, lokacin da layi ke tsawo, kuma duk masar da muka tsaga mu biya kuɗinta. Da yamma mu haɗa, mu kai wa Gwaggo ta gani ta amince, sannan mu saki ranar Lahadi ƙarfe bakwai na safe. Ka gaya mata tun yanzu ta ƙara mudu ɗaya a jiƙon daren Asabar.