Daga sa hannu zuwa ɗaure ƙasa: yadda yarjejeniya take zama dole

Duk sanda aka ga shugaban ƙasa ya zauna da biro a hannu, tutoci a bayansa, ana ta tafi, sai mutane su ɗauka shikenan an gama, yarjejeniya ta hau kan ƙasa. Ɗalibin da ya fara karatun dokar ƙasa da ƙasa, nan ne wajen farko da ya kamata ya gyara fahimtarsa, don yawanci sa hannun nan rabin tafiya ne kawai.

Ƙa'idojin suna cikin Yarjejeniyar Vienna ta 1969 kan yadda ƙasashe ke ƙulla yarjejeniyoyi, wadda ita kanta sai 1980 ta fara aiki bayan ƙasashe 35 sun shiga. Farko dai, wa zai sa hannu? Shugaban ƙasa, shugaban gwamnati da ministan harkokin waje ba sa buƙatar nuna komai, muƙaminsu ya isa. Sauran kuwa, a ƙa'ida sai sun zo da takardar izini daga gida mai nuna an ba su cikakken iko.

In yarjejeniyar ta ce sai an tabbatar, to sa hannu yana nufin mun yarda wannan shine rubutun da muka tattauna, zamu koma gida mu duba. Amma fa ba a banza yake ba, sashe na 18 na Yarjejeniyar Vienna ya hana ƙasar yin abinda zai rusa manufar yarjejeniyar kafin ta bayyana matsayinta. Shi yasa Amurka da ta sa hannu a yarjejeniyar Rome ta kotun manyan laifuka a 2000, sai da ta aika wasiƙa a 2002 tace bata da niyyar shiga.

Sai tabbatarwa. Kowace ƙasa da tsarinta a gida, a Amurka sai kashi biyu bisa uku na sanatocin da ke zaune sun amince. Amma abinda yake ɗaure ƙasa a idon duniya shine takardar tabbatarwa da za a kai a damƙa wa mai ajiya, kamar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ko an kai ɗin ma, yarjejeniyar bata fara aiki sai adadin ƙasashen da aka gindaya ya cika. Ku duba yarjejeniyar kasuwanci mara shinge ta Afirka, an buɗe sa hannu a Kigali a Maris 2018, ta fara aiki 30 ga Mayu 2019 bayan ƙasashe 22 sun kai takardunsu, Najeriya kuwa sai Yulin 2019 ta sa hannu a Yamai, takardarta ta isa a Disamban 2020. Ƙasar da bata sa hannu ba tun farko tana iya shigowa daga baya, kuma ƙasa na iya cewa na yarda amma banda sashe kaza, muddin yarjejeniyar bata hana ba kuma togaciyar bata ci karo da manufarta ba.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya sosai. Ba kowace yarjejeniya ce take jiran tabbatarwa ba, wata sa hannu kaɗai ya ɗaure ta. A 1975 Janar Gowon da shugaban Kamaru Ahmadu Ahidjo suka sa hannu a sanarwar Marwa kan iyakar ruwa tsakanin Najeriya da Kamaru. Da rigimar Bakassi ta kai kotun duniya, Najeriya tace ai majalisar ƙoli ta soja bata tabbatar da ita ba, don haka bata hau kanmu ba. A hukuncin 10 ga Oktoban 2002 kotu taƙi wannan hujja, tace sanarwar ta fara aiki tun ranar sa hannu, kuma ba aikin Kamaru bane ta riƙa bin diddigin dokokin cikin gidan Najeriya, musamman da yake shugaban ƙasa ne da kansa ya sa hannun. Sashe na 46 na Yarjejeniyar Vienna ya bar ƙofar kafa hujja da dokar gida amma ƙunƙuntacciya ce, sai in saɓa dokar gidan a fili yake ƙarara kuma dokar babba ce. A ganina duk jami'in da za a tura teburin tattaunawa ya kamata ya karanta wannan hukunci kafin ya hau jirgi.

Da zarar ta fara aiki, alkawari ya zama kaya, dole a cika da zuciya ɗaya, kuma sashe na 27 na Yarjejeniyar Vienna ya hana fakewa da dokar gida. Sai dai ɗaure ƙasa daban, alƙalin gida ya yi hukunci da ita daban. A Najeriya sashe na 12 na kundin 1999 yace sai majalisar tarayya ta mayar da ita doka. Yarjejeniyar haƙƙin yara mun tabbatar da ita tun 1991, dokar bata zo ba sai 2003, daga nan kuma aka koma jiran jihohi ɗaya bayan ɗaya, alhali duk shekarun nan alkawarin yana wuyan Najeriya a waje.