Tambayoyin Kwamiti ga Rukuni na Uku: Fassara Bayanan Kuɗi da Ma'aunansu

Rukunin zai gabatar da nazarinsa a kan bayanan kuɗi na 2022 da 2023 na wani kamfanin yin kwalayen zuba kaya. An ba su minti 15 na jawabi, kwamiti kuma yana da minti 20. Duk adadin da ke nan a miliyoyi yake. Abin da aka rubuta bayan kalmar "Lura" na 'yan kwamiti ne, ba a karanta wa masu gabatarwa.

1. Kun ce kamfanin ya samu ci gaba domin ciniki ya tashi daga 800 zuwa 1,000, tsantsar riba kuma daga 60 zuwa 75. To, ku buɗe takardar shige da ficen kuɗi. Harkokin yau da kullum sun cinye 65 a 2023, ba su kawo ko kaɗan ba. Ina ribar ta shiga? Ku bi mu da lissafin layi bayan layi.

Lura: a nan za a gane wanda ya fahimci aikin da wanda ya haddace. Ana farawa da 75, a ƙara 45 na zaizayewar darajar injuna tunda ba kuɗi ne suka fita ba, a cire ribar sayar da fili 30 domin gurbinta yana sashen zuba jari, a cire 110 da bashin abokan ciniki ya ƙaru da shi, a cire 95 na ƙarin haja, sannan a ƙara 50 na ƙarin bashin masu kawo kaya. Abin da ya rage shi ne giɓin 65. Kuskuren da aka fi yi shi ne juya alama: mutum ya ga bashin da kamfani ke bi ya ƙaru sai ya tara shi, alhali ciniki ne aka rubuta, kuɗinsa na hannun wasu. A ba su lokaci a kan wannan ko da za a bar wata tambayar.

2. Ribar ciniki, wato ciniki a cire kuɗin samar da kayan da aka sayar, ta sauka daga kashi 30 cikin ɗari zuwa 26. Amma tsantsar riba tana nan a kashi 7.5 a shekarun biyu. Me ya toshe giɓin?

Lura: filin da aka sayar ne. Darajarsa a littafi 20, an sayar da shi 50. In an cire ribar 30 ɗin, riba kafin haraji za ta koma 70, ƙasa da 80 na 2022. Fili sau ɗaya ake sayar da shi. Duk wanda bai gano wannan ba, a tambaye shi ko ya karanta ƙarin bayanan da ke bayan takardun.

3. Ita kanta raguwar ribar cinikin, daga ina ta fito: an rage farashi ne don a jawo masu saye, ko ɗanyen kaya ne ya yi tsada, ko kuwa an fi sayar da nau'in kwalin da ba shi da riba sosai? Wace shaida za ku nema daga akantan kamfanin don ku bambance ukun?

4. Ma'aunin kadarorin ɗan lokaci a kan basussukan ɗan lokaci ya sauka daga 1.6 zuwa 1.5, kuka ce babu damuwa. Ku cire haja daga lissafin ku sake faɗa mana. Sannan ku gaya mana nawa ne tsabar kuɗi a cikin 420 ɗin da kuka kira kadarorin ɗan lokaci.

Lura: in an cire haja, ma'aunin ya faɗo daga 1.0 zuwa 0.84. Tsabar kuɗi 15 ce kacal, ga kuma bashin 280 da ke jiran biya cikin shekara guda. Idan wani ya ce "ƙa'ida ita ce 2", a tambaye shi ƙa'idar wa. Babban kanti da ke sayarwa kuɗi hannu yana rayuwa lafiya da ma'aunin da bai kai 1 ba. Masana'anta mai ba da kaya bashi ba ta da wannan gata.

5. Da, abokan ciniki suna biya cikin kwana 50. Yanzu sai sun kai 80. Haja kuma tana kwana 91 a sito maimakon 59. Ku haɗa su da kwanakin da kamfani ke ɗauka kafin ya biya masu kawo masa kaya, 46 a 2022 da 59 a 2023, ku faɗa mana kwana nawa kuɗi ke yi a waje kafin su dawo. Wa ke ɗaukar nauyin wannan jira?

Lura: daga kwana 63 zuwa 112, kuma banki ne ke ɗauka, da kuɗin ruwa. A duba abin da suka raba da shi: bashin abokan ciniki da ciniki ake auna shi, haja kuwa da kuɗin samar da kaya, ba da ciniki ba. In da lokaci a bi da waɗannan: ciniki ya ƙaru da kashi 25 amma bashin abokan ciniki ya ninka, shin kun ga jerin basussukan bisa tsufansu? Nawa aka ware saboda waɗanda ba za a iya karɓowa ba, kamar yadda ƙa'idar lissafin kuɗi ta ƙasa da ƙasa IFRS 9 ta tanada? Hajar nan kuma, ƙa'idar lissafin haja IAS 2 ta ce a rubuta ta a kan wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin kuɗin samar da ita da abin da za a samu in an sayar. Kwalin da aka buga wa tambarin abokin cinikin da ya daina saye, nawa ne darajarsa?

6. Ribar da jarin masu kamfani ya kawo ta tashi daga kashi 15 zuwa 17, kuma ita kuka sa a shafinku na farko. Ku warware ta gida uku bisa tsarin DuPont: riba a kan ciniki, ciniki a kan kadarori, kadarori a kan jari. Wanne ne ya motsa?

Lura: na farko bai motsa ba. Na biyu ya ma ragu, daga 1.19 zuwa 1.14. Na uku ne ya tashi daga 1.68 zuwa 2.0. Ke nan bashi ne ya ɗaga ma'aunin, ba ƙwazon aiki ba.

7. Rance ya tashi daga 200 zuwa 320, kuɗin ruwa daga 20 zuwa 40. Sau nawa riba kafin kuɗin ruwa da haraji take rufe kuɗin ruwan, da ribar fili da kuma ba tare da ita ba? Rabin rancen za a biya shi cikin wata 12. In banki ya ƙi sabunta shi, me kamfanin zai taɓa?

Lura: sau 5 a 2022, a 2023 sau 3.5 da fili, 2.75 babu shi.

8. An raba wa masu hannun jari 35, an kuma kashe 95 wajen sayen injuna, a shekarar da aiki bai kawo tsabar kuɗi ba. Da kuɗin wa aka yi?

9. Kamfanin da kuka kwatanta shi da shi, ƙa'idar lissafinsu ɗaya ce? Wanda ke bin ƙa'idojin Amurka yana iya lissafa haja da tsarin LIFO, wato a ɗauka kayan da suka shigo a ƙarshe su ne suka fara fita, wanda IAS 2 ta hana. Shekarar kuɗinsu a wata ɗaya take ƙarewa? Kun yi amfani da adadin ƙarshen shekara ne ko matsakaicin farko da ƙarshe, kuma hanya ɗaya kuka bi wa kamfanonin biyu?

10. Ta ƙarshe, kowane ɗan rukuni zai amsa da bakinsa, minti ɗaya. Kamfanin ya zo neman ƙarin rancen 100 na wata shida, ku ne kwamitin bashi na banki. Za ku bayar? In za ku bayar, wane sharaɗi guda za ku rubuta a yarjejeniyar, kuma da wane adadi?

Lura: "e" da "a'a" duk suna cin maki in an kafa su a kan adadi. Wanda ya ce "ya danganta" ya yi shiru, a tambaye shi da me.